Bayani Kan Jinkirin Aikin Gidanku Na Unguwar Rimi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji.

Da fatan an wuni lafiya, ya iyali? Na yi alkawarin miƙa makullan gidan ranar 15 ga Agusta, amma hakan ba zai yiwu ba.

Za a iya ɗora wa damina laifi, domin ruwan sama ya hana mu aiki kwana huɗu, sai dai ba shi ne ainihin dalili ba. Kuskuren daga wajenmu yake. Na ba da awon tagogin bene tun kafin a yi filasta, da aka kawo su ranar Litinin sai guda tara suka ƙi shiga, kowace ta ɗara ramin da kusan inci ɗaya. Ban yarda a fasa bango a cusa su ba, don nan gaba ruwa zai riƙa bi ta gefe. Mun mayar wa mai walda a Panteka, kuma kuɗin gyaran a kaina yake, ba za a ƙara muku ko sisi ba.

Tagogin za su dawo ranar 22 ga Agusta. Fenti da tayil za su ɗauke mu zuwa 5 ga Satumba, sai mu miƙa makullai ranar 12 ga Satumba, in sha Allah.

Idan Alhaji zai samu sarari ranar Asabar bayan la'asar, ina wurin, sai a ga aikin da ido.

A gafarce mu.

Naku,
Injiniya mai kula da aikin