Takardar miƙa aiki: manhajar biyan kuɗin makaranta

Malam Sani, Juma'a zan ajiye aiki. Ga inda na tsaya.

Shafin shiga ya kammala, an gwada shi.

Rasit ne ya fi damuna. In iyaye suka danna maɓallin biya sau biyu saboda sabis ya yi rauni, rasit biyu ke fita. Gyaran yana reshen `fix/double-receipt`, ban haɗe shi da `main` ba domin a wayoyi biyu kawai na gwada. Don Allah ka fara da shi, kafin a koma makaranta.

Fassarar Hausa saura saƙonnin kuskure.

Ana jiran hukuncin Hajiya: a riƙa tura rasit ta tes, ko imel ya wadatar? Ni tes na zaɓa, iyaye da yawa ba sa buɗe imel.

Kalmomin sirrin sabar suna hannunta.