Hauwa, Ga Abin da "Sanyin Idona" Yake Nufi

Assalamu alaikum Hauwa'u, amaryata.

Kin ce in fayyace miki abin da nake nufi idan na ce ke ce sanyin idona, tunda a Agege inda kika tashi ba kasafai ake faɗin haka ba. Tambayar ta yi mini daɗi, domin ba na so in riƙa kiran ki da sunan da ba ki san nauyinsa ba.

Mu fara da sanyi. Bahaushe mutumin ƙasar zafi ne, shi ya sa kusan duk abin da ke damun rai da zafi yake kwatanta shi: zafin rai, zafin kai, ƙunar zuci. Idan damuwa ta yaye kuma sai ya ce raina ya yi sanyi. Ki ƙaddara mutum ya kwaso ranar watan Afrilu a Kano, ya shigo zaure aka miƙo masa ruwan randa a moɗa. Ajiyar zuciyar da zai yi bayan ya kurɓa, to wannan sanyin ake nufi.

Shi kuwa ido, a nan ake gane halin da zuciya ke ciki. Mai fushi idonsa ja yake yi, mai baƙin ciki idonsa raɗaɗi yake yi saboda kuka, wanda hankalinsa bai kwanta ba kuma sai ki ga yana ta raba ido. Saboda haka sanyin ido shi ne mutumin da idan ka dube shi duk wannan ya lafa, idonka ya tsaya a kansa, ba ya neman wani abin kallo. A taƙaice ina ce miki ne: ganin ki yana kwantar mini da hankali, kuma kin ishe ni.

Maganar tana da tushe a Alƙur'ani, kuma nan ne nauyinta yake. A Suratul Furƙan, aya ta 74, bayin Allah na ƙwarai suna roƙon Ubangiji Ya ba su sanyin idanu daga matansu da zuriyarsu. A Suratul Ƙasas, aya ta 9, da wannan lafazin matar Fir'auna ta kira jariri Annabi Musa, sannan a aya ta 13 aka ce an mayar da shi ga mahaifiyarsa domin idonta ya yi sanyi, kada ta yi baƙin ciki. Ki lura da wannan na ƙarshen sosai: uwa ce da ta saka ɗanta a kogi, aka dawo mata da shi lafiya. Manzon Allah (SAW) ma ya ce an sanya sanyin idonsa a cikin sallah. Malaman Larabci kan bayyana cewa hawayen farin ciki sanyi gare su, na baƙin ciki kuwa zafi.

Kin ga ke nan ba zancen kyan fuska ba ne, duk da kina da shi. Kyau yana jan ido, amma wani kyan tayar da hankali yake yi. Sanyin ido kuma ba daidai yake da "ina son ki" ba, domin so kan zo da zumuɗi da kishi da rashin barci. Wannan magana ce ta natsuwa, shi ya sa uwa ke faɗa wa ɗanta, miji ke faɗa wa matarsa, amma a ganina ba ta dace da bakin saurayin da jiya-jiya ya fara zuwa zance ba. Bai zauna da yarinyar ba, bai ga halinta ranar ɓacin rai ba, da me zai auna?

Ga inda ake yin kuskure, kada wata rana ki so faranta mini ki faɗi akasin nufinki. Ba kowane sanyi ne yabo ba. "Jikina ya yi sanyi" na nufin na karaya ko na ji abin da ya kashe mini jiki. "Gwiwata ta yi sanyi" na nufin na fid da rai. Mai sanyin jiki kuwa shi ne mai nawa wajen aiki. Na yabon su ne sanyin ido, sanyin rai da sanyin hali.

Idan za ki mayar mini, ki ce "kai ne sanyin idona", ko idanuna, ko idaniyata, duk ɗaya ne, sai dai na ƙarshen ya fi taushi, an fi jin sa a waƙa da wasiƙa. A gaban su Hajiya kada ki faɗa, al'adarmu ta kunya ba ta ba da wannan ba. In na faɗa miki kuma kunya ta hana ki mayarwa, ki ce "Allah Ya bar mu tare", ni kuma in ce amin.

Mijinki,
Sani