Takardar ƙorafi da neman sake duba harajin riba na 2023

Maraɗi, 26 ga Mayu, 2025

Daga: Alhaji Sani Abdu, ɗan kasuwar wake da aya, unguwar Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga: Mai girma Shugaban ofishin haraji

Batu: Takardar ƙarin haraji mai lamba 0417 ta 12 ga Mayu, 2025

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karɓi takardarku wadda ta ɗora mini ƙarin harajin riba na shekarar 2023, sefa 11,760,000, da tarar 2,940,000, jimla 14,700,000. Ban amince da wannan lissafi ba, ina kuma roƙon a sake duba shi a hukumance.

Ga abin da na bayyana na 2023:

Ciniki: 184,600,000
Sayen kaya: 161,400,000
Sufuri, hayar mangaza, buhuna, maganin ƙwari da albashi: 12,800,000
Riba: 10,400,000
Haraji, kashi 30 cikin ɗari: 3,120,000, na biya, rasiɗin yana hannuna.

Mai binciken ya tattara duk kuɗin da ya shiga asusuna biyu na banki, ya samu 219,600,000, ya kira shi ciniki. Bambancin 35,000,000 da ke tsakanin adadinsa da nawa ya mayar da shi riba zalla. Ya kuma soke 4,200,000 daga kuɗin sufuri. Haka ya kai 39,200,000, ya ɗora kashi 30 a kai.

Ranka ya daɗe, ba duk kuɗin da ya ratsa asusun ɗan kasuwa ne ciniki ba. Cikin miliyan 35 ɗin nan, 20,000,000 bashi ne da banki ya ba ni a watan Oktoba don sayen wake da kaka, kuma na biya shi har da ruwansa. Sai 9,000,000 da na cire daga asusuna na farko na zuba a na biyu ranar 6 ga Nuwamba. Adadin ɗaya ne, ranar ɗaya ce, amma an ƙirga shi sau biyu.

Sauran 6,000,000 su ne suka fi yi mini ciwo. Kafin alƙalami ne da wani abokin cinikina na Kano ya ajiye a watan Yuli don in tura masa wake. Kowa a garin nan ya san abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023: iyakarmu da Najeriya ta rufe, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Buhunan da muka riga muka ɗinke bakinsu, muka rubuta sunansa a jiki, nan suka zauna a mangaza muna yi musu magani don kada ƙwari su cinye. A watan Satumba na mayar masa da kuɗinsa ta hannun wakilinsa, da sa hannun shaidu biyu. Cinikin da bai yiwu ba, ta yaya za a biya masa harajin riba?

Maganar sufuri kuwa kashi biyu ce. Na bi masu manyan motocin da suka ɗauko mini kaya daga Cadawa, Gazawa da Tasawa, na karɓo takardun 3,400,000, kowace da lambar mota da kwanan wata. Ragowar 800,000 na biya masu amalanke da 'yan dako ne a kasuwannin ƙauye, buhu-buhu, hannu da hannu. Kuɗin sun fita da gaske, amma waɗannan bayin Allah ba sa ba da rasiɗi, don haka ba zan yi jayayya a kansu ba.

Lissafin da na yarda da shi ke nan: 39,200,000 a cire 35,000,000, a cire 3,400,000, saura 800,000. Kashi 30 na wannan shi ne 240,000, kuma a shirye nake in biya da zarar an fitar da takardarsa.

Saboda haka ina roƙon a soke 11,520,000 daga ƙarin harajin, a sake lissafa tarar a kan 240,000 kawai. Ina roƙon a dakatar da neman biyan abin da nake ƙorafi a kansa har sai an yanke hukunci, domin in aka taɓa asusuna yanzu da damina ke ƙaratowa, ma'aikata shida da ke ci a ƙarƙashin mangazar nan za su rasa albashi. A kuma sa mana rana ni da mai riƙe mini lissafi mu zo da littattafan asali, sannan a ba ni amsa a rubuce.

Na haɗa kwafin yarjejeniyar bashin, bayanan asusun biyu na shekarar gaba ɗaya, takardar mayar da kafin alƙalami, takardun masu motoci da rasiɗin harajin da na biya.

Allah ya ƙara girma.

Naku cikin girmamawa,
Alhaji Sani Abdu