Hanyoyi uku da abubuwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta

Ɗalibaina na aji ɗaya a babbar sakandare, jiya na lura da yawanku kun rikice a wannan darasi, shi ya sa na sake rubuta muku shi dalla-dalla.

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani mai maiƙo. Duk abin da zai shiga ko ya fita, sai ya bi ta cikinsa.

Hanya ta farko ita ce yaɗuwa kai-tsaye. In Inna ta sa turaren wuta a kasko a lungun ɗaki, jim kaɗan wanda ke bakin ƙofa zai ji ƙamshi, ba tare da wani ya kai masa ba. Ƙamshin ya tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Haka iskar oksijin ke ratsawa daga huhu zuwa jini, ita kuma kabon dayoksaid ta bi akasin haka. Ƙanana ne, maiƙo ba ya tare su.

Sukarin gulukos fa? Ya yi girma, kuma ba ya jituwa da maiƙo, sai wani furotin da ke jikin tantanin ya buɗe masa hanya. Wannan ita ce yaɗuwa da taimako. Ku tuna lokacin tashi daga makaranta: kun cika harabar, waje babu kowa, amma katanga ta hana ku, dole ku bi ta ƙofa. Babu mai tura ku. Sai dai in kun yi yawa a kan yi cunkoso, domin ƙofofin ƙidayayyu ne. Haka gulukos ke shiga jajayen ƙwayoyin jini ta furotin GLUT1.

A nan ne kuka fi yin kuskure, kuma ina so ku riƙe shi da kyau: samun furotin a hanya ba ya nufin an kashe kuzari. Har yanzu gangara ake yi, daga mai yawa zuwa maras yawa.

Ta uku, jigila mai cin kuzari, hawa ce. Ruwa ba ya fitowa daga rijiya da kansa, sai an jefa guga an ja, har hannu ya gaji. Ƙwayar halitta ma tana biya, da wani sinadari mai suna ATP, don ta kai abu inda ya riga ya yi yawa. Famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou ɗan ƙasar Denmark ya gano a 1957, yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 da kowane ATP guda. Saiwar masara ma haka take jawo sinadaran taki, ko da na cikinta sun fi na ƙasa yawa.

Aikin gida kafin Litinin: ku bayyana abin da ya sa saiwar masarar da ruwa ya kwanta a gonarta, ta rasa oksijin, take kasa jawo taki.