Godiya a kan ganawar neman aikin jami'in sayen shinkafa

Kura, Jihar Kano
Alhamis, 9 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Hajiya Rabi,
Shugabar Sashen Sayen Shanshera

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, na rubuto ne domin in yi godiya a kan lokacin da ke da Malam Bashir kuka ba ni jiya Laraba, a ganawar da aka yi da ni kan gurbin jami'in sayen shinkafa daga hannun manoma. Na san cewa kaka ta kawo jiki kuma aiki ya yi muku yawa, amma duk da haka kuka zauna da ni kusan awa guda, daga baya kuma kika sa aka zagaya da ni wurin sikeli da rumbun ajiya. Wannan zagayen ya amfane ni ƙwarai, domin na ga abin da kika bayyana mini a ofis da idona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da kika yi cewa babbar asarar kamfani tana faruwa ne tun kafin mota ta iso ƙofar masana'anta, wato a wurin awo, sa'ad da aka sayi shinkafar da ba ta gama bushewa ba a farashin busasshiya. A rumbun na tura hannu cikin wani buhu da aka ware gefe, na ji ɗumi a cikinsa, na kuma ji warin nan da ke nuna cewa ta fara gumawa. Da na dawo gida na sake yin lissafin da na faɗa muku da baki, ga shi a rubuce don ya zauna daidai. Buhu mai kilo 100 da aka saya yana da danshi kashi 20 cikin ɗari, idan aka busar da shi ya sauko kashi 14, wanda shi ne ma'aunin da ake ajiya a kai, abin da zai rage kilo 93 ne. Ke nan a tirela guda mai buhu 300 an biya kuɗin buhu kusan 21 na ruwa zalla, ban da wadda za ta yi funfuna ko ta canza launi idan aka jibge ta a haka.

Wannan matsala na san ta tun daga gona. Na taso a Kura, inda ruwan madatsar Tiga yake ba mu damar noman rani, kuma bayan na kammala karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta na yi shekara biyar ina sayen shanshera a Kura, Bunkure da Garun Malam. A shekarata ta farko a wurin da nake aiki an taɓa dawo mana da mota guda saboda danshi, kuma ni ne na karɓi kayan, na dogara da tauna ƙwaya a haƙori kamar yadda na ga manya suna yi. Tun daga ranar ban sake karɓar buhu ba sai na soka shi sama da tsakiya da ƙasa na gwada da na'urar auna danshi, kuma a gaban mai kayan nake yi, in juya masa fuskar na'urar ya karanta lambar da kansa. Manomi ba ya ƙin a rage masa kilo idan ya ga dalili da idonsa. Abin da yake ƙi shi ne a kai kayansa bayan gini a dawo a ce masa ga abin da aka samu. Wanda kuma shinkafarsa ba ta kai ba, mukan ara masa tamfol ya baza ta a farfajiyarmu kwana ɗaya ko biyu, maimakon a sallame shi ya koma hannun dillali.

Akwai tambayar da Malam Bashir ya yi mini wadda nake ganin ban cika amsarta yadda ya kamata ba, ina roƙon a ba ni dama in ƙarasa ta a nan. Ya tambaye ni yadda zan yi da manomin da ya karɓi iri da taki bashi daga kamfani, amma da kaka ta yi sai ya sayar wa wani. Na amsa da cewa za a bi ta hannun shugabannin ƙungiya da masu unguwanni, kuma har yanzu ina kan wannan, sai dai bai isa ba. A abin da na gani, yawancin waɗanda suke karkatar da amfanin gonarsu ba niyyar cin amana suke da ita ba. Ranar yanka da bugu manomi yana da 'yan ƙwadago da za su tsaya a kansa kafin magariba, ga mai inji, ga mai mota, dillali kuwa yana bakin gona da kuɗi a hannu, alhali kamfani yana cewa a jira mako guda. Maganin da na gwada ya yi aiki shi ne a kai sikeli kusa da gonaki, a biya a ranar da aka auna, a kuma cire bashin iri da na takin kamfa da yuriya a buhunan farko bisa farashin kasuwar wannan makon, wanda za a sanar a fili. A ƙungiyoyi goma sha biyu da na riƙe a ranin bara da wannan tsari, goma sha ɗaya sun biya bashinsu kaf kafin ƙarshen watan Yuni, ta ƙarshen kuma tsuntsaye jan-baki ne suka yi mata ɓarna, aka ɗaga mata zuwa damina.

Game da shirin da kika ambata na faɗaɗa saye zuwa Haɗeja da Auyo, ina da sha'awarsa matuƙa, kuma a shirye nake in koma can da zama tsawon lokacin kaka idan an buƙaci haka. Zan so in fara da zama da shugabannin manoma kafin a yanka ko da dami ɗaya, a yi magana a kan rashin gauraya iri, domin shinkafar Faro 44 da aka cakuɗa da wani iri mai gajeren ƙwaya tana karyewa da yawa a inji, kuma a wurin bugu ake iya hana wannan.

Na fito daga ganawar nan da tabbacin cewa aikin da kuke neman wanda zai riƙe shi ne aikin da na iya, kuma ina son in yi shi tare da ku. Kamar yadda kika buƙata, na haɗo da kwafin takardar shaidar kammala karatuna da wasiƙar shaida daga shugaban sashen da nake aiki a ƙarƙashinsa, wanda ya san da wannan nema kuma ya amince a tuntuɓe shi. Idan Allah ya sa aka zaɓe ni, zan iya kama aiki ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan na miƙa littattafan awo da na bashi da ke hannuna.

Ina roƙon ki isar da gaisuwata da godiyata ga Malam Bashir, da kuma Malam Isa mai kula da rumbu, wanda ya yi haƙuri da yawan tambayoyina. Zan saurari sakamakon a mako mai zuwa kamar yadda kika faɗa.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Naki cikin girmamawa,
Auwalu Musa