Sakamako ya fito, sabis ya buya

'Yan Daura da suka rubuta WAEC, sannunku da hawa katanga. Tun da aka ce sakamako ya fito, daga Kusugu har hanyar Kongolam ba ka ganin matashi sai da waya a sama, yana juyawa gabas da yamma. Inna kuma tana daga madafa: "Sani, ya fito?" "Inna, yana juyawa." "To kai ma juyo ka ɗebo mini ruwa."

Ku sauko mu yi magana. Matsalar nan biyu ce. Akwai ta wayarka: ka duba sama, in ka ga E maimakon 4G, shafin waecdirect.org sai ya yi ta rarrafe. Ka kashe sabis ɗin da alamar jirgin sama, ka ƙirga goma, ka mayar. Masu zama kusa da iyaka su lura, waya kan kama layin Nijar, sai ka shiga saiti ka zaɓi naka da hannu.

Ɗayar kuwa ba ta wayarka ba ce. Ɗaliban ƙasar nan kaf sun dira kan shafi ɗaya a sa'a ɗaya, kamar rabon naman Layya. Shi ne za ka ga an rubuto 504 Gateway Time-out. Don Allah kada a yi guɗa, 504 ba maki ba ne, ko JAMB a 400 ta tsaya. Wannan ko ka hau rimi ba ta gyaruwa. Bari sai dare ya raba, ko bayan sallar asuba.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne PIN ɗin katin duba sakamako. Sau 5 kawai ake duba sakamako da shi. Yaro ya danna Submit, shafi ya tsaya, ya sake dannawa, ya ƙara, alhali buƙatarsa tana iya kaiwa can a lissafa ta, amsar ce ta maƙale a hanya. Kafin la'asar kati ya ƙare, ko F9 bai gani ba balle A1. Ka danna sau ɗaya, ka ɗaure yatsanka. Kafin nan ka tabbatar lambar jarrabawarka 10 ce cif, 7 na cibiya, 3 naka, kuma shekarar daidai take. Da ya buɗe, ɗauki hotonsa kafin ka fara ihu ko kuka.

Na JAMB ma ba ya neman data. Da layin da ka yi rajista za ka tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019, da kuɗin kira a ciki. In layin na Yaya ne kuma ya tafi Kano da shi, sai ka kira shi da ladabi.

Iyaye kuma a sassauta tambaya. Yaron da ke jiran ganin Turanci da Lissafi, tuwo ma ba ya wuce masa.