Takardar Bitar Lissafi ta Aji Shida: Juzu'i, Lamba Mai Ɗigo da Kashi Cikin Ɗari

Zango na biyu, mako na tara. Lokaci: minti 40. Ba a amfani da kalkuleta. Kowa ya rubuta amsa a littafinsa tare da hanyar da ya bi, domin hanyar ma tana da maki.

Tunatarwa: juzu'i shi ne lamba irin 3/4, mai sama da ƙasa. Idan za a mai da shi lamba mai ɗigo, lambar sama ake rabawa da ta ƙasa. Daga mai ɗigo zuwa kashi cikin ɗari a ninka sau 100, wato ɗigo ya matsa dama gida biyu. Wajen komowa a raba da 100, ɗigo ya koma hagu gida biyu.

TAMBAYOYI

1. Rubuta 3/4 da 1/8 da ɗigo, sannan da kashi cikin ɗari.
2. Mai da 0.7 da 0.07 kashi cikin ɗari.
3. Rubuta 5% da ɗigo, sannan a juzu'in da aka rage har ƙarshe.
4. Sulusi kashi nawa ne cikin ɗari?
5. Jera daga ƙarami zuwa babba: 0.5, 2/5, 48%, 0.45.
6. Mai da 1¼ kashi cikin ɗari.
7. Hadiza ta ci 18 cikin 25 a Hausa, ta ci 14 cikin 20 a lissafi. A wanne ta fi ƙoƙari?
8. Mai awo ta auna mudu 40 na gero, ta sayar da 16. Kashi nawa cikin ɗari ya saura?
9. Zakkar kuɗi rubu'in ushuri ce, wato 1/40. Rubuta shi da ɗigo da kashi cikin ɗari, sannan ka fitar da zakkar naira 20,000,000 da suka shekara.

AMSOSHI DA BAYANI GA MALAMI

1. 0.75, 75%, 0.125, 12.5%. 2. 70%, 7%. 3. 0.05, 1/20. 4. 33⅓%. 5. 2/5, 0.45, 48%, 0.5. 6. 125%. 7. Hausa, 72% a kan 70%. 8. 60%. 9. 0.025, 2.5%, naira 500,000.

A tambaya ta 1 kusan kowa zai ci 3/4, don an haddace shi. Sumuni, wato 1/8, shi ne ke nuna wanda ya gane. Idan ka ga 1.8 ko 0.18, yaron ya kwashi lambobin ne ya cusa musu ɗigo, bai yi rabawa ba. Idan ka ga 8, ya juya rabawar, saboda tun aji uku ya saba babba ake rabawa da ƙarami. Ka sa shi ya yi doguwar rabawa a allo: 8 ba ya shiga 1, a sa sifili da ɗigo, cikin 10 sau 1 saura 2, cikin 20 sau 2 saura 4, cikin 40 sau 5.

Ta 2, ta 3 da ta 5 ciwonsu ɗaya, rashin sanin darajar gida, kuma a nan ya kamata a kashe lokaci mafi yawa. Yaro ya rubuta 0.7 = 7% don ya share ɗigon kawai, ya rubuta 5% = 0.5, ya ce 0.45 ya fi 0.5 tunda 45 ya fi 5. Maimaita masa "matsar da ɗigo" ba zai warkar da shi ba. A zana murabba'i mai gida 100, layi goma-goma. 0.7 layi bakwai ne cur, gida 70, 0.07 gida bakwai ne, ko layi ɗaya bai cika ba. Sannan a saba musu da cike gurbi da sifili, 0.50 a gefen 0.45, kafin su kwatanta. A gyara karatun baki kuma: "sifili ɗigo huɗu biyar" ake cewa, domin mai cewa "ɗigo arba'in da biyar" ya riga ya shuka kuskuren da bakinsa. Wanda ya ba da 1/5 a ta 3 ya manta cewa 5% na nufin 5/100.

Sulusi ba 30% ba ne. Tambaye su: 30 sau uku ya kai 100? A karɓi 33.3% idan an ce kusan.

A ta 6 wasu za su samu 125 su goge, wai kashi ba ya wuce ɗari. Guda ɗaya cikakke shi ne 100%, rubu'in da ke kansa 25%.

Ta 8 tarkon karatu ce: 40% abin da aka sayar ne, saura aka tambaya. A ba da rabin maki.

A ta 9, wanda ya tsallake sifilin da ke bayan ɗigo zai samu 0.25, ya fitar da naira 5,000,000, ninki goma na abin da ya wajaba. Kafin ka nuna masa gyara, ka tambaye shi ko 1/40 ya kai 1/4.